CV mai shafi ɗaya: tambayoyi kan harafi, gefen takarda da sarari

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu neman aiki a Marwa, Garwa, Gaundare, Kusiri da Njamena, musamman idan ƙungiyoyin agaji ko kamfanoni suka fitar da sanarwa, shagunan buga takardu suka cika. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka an rubuta sunayen maɓallan Word kamar yadda za a gan su a allo.

Ba abin da ke cikin CV ne ke da muhimmanci ba? Me ya kawo maganar tsari?

Abin da ke ciki shi ne ke sa a kira mutum, amma sai an gan shi tukuna. Mai tantancewa yana da tarin takardu a gabansa, kuma a zagayen farko ba karantawa yake yi ba, lalube yake yi da ido: suna, aikin ƙarshe, shekarun da aka yi a kai, takardar shaidar karatu, harsuna. Idan ya ga waɗannan ba tare da ya nema ba, takardarka ta shiga ɓangaren da za a sake dubawa a natse.

Akwai kuma abin da masu zana samfuran CV a intanet ba sa lissafawa da shi. A wajenmu takardar ba kasafai take isa hannun mai yanke hukunci yadda ta fito daga kwamfuta ba. Ko dai an yi mata fotokofi da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, ko an buɗe ta a waya. Duk shawarar da ke ƙasa an auna ta ne da waɗannan halaye biyu.

Wane salon harafi zan zaɓa?

Ɗaya daga cikin waɗanda kowace kwamfuta mai Word ke da su: `Calibri`, `Arial`, `Cambria` ko `Georgia`. Na farko biyun ba su da 'yan ƙafafu a ƙarshen haruffa, shi ya sa suke fita sarai a allon waya, kuma suna jure fotokofi. `Times New Roman` ba laifi ba ne, ofisoshin gwamnati sun saba da shi, sai dai sassansa sirara su ne ke fara ɓacewa idan tawada ta yi rauni. `Garamond` kyakkyawa ne a littafi, amma ƙananan haruffansa gajeru ne, mai lamba 11 ɗinsa sai ya yi kamar 10 na wasu. `Verdana` kuwa faɗi gare shi, yana cin wuri. Haruffan da ke kwaikwayon rubutun hannu, da `Comic Sans MS`, a bar wa katin biki.

Salo ɗaya ya wadatar wa shafin gaba ɗaya. Bambancin kanun sashe da sauran rubutu girma da kauri ne za su kawo shi. Idan kana da sabon Word, mai yiwuwa ka tarar ya fara maka da `Aptos`, wanda Microsoft ta maye gurbin `Calibri` da shi daga 2023. Ba shi da aibi, amma tsofaffin kwamfutocin shaguna ba su da shi, kuma wannan na jawo matsalar da aka yi bayani a tambayar da ke kan rikicewar tsari a shagon bugawa.

Girman harafi fa? Na ga wasu suna sauka har 9 don komai ya shiga.

Rubutun jiki ya tsaya tsakanin 10,5 da 11 idan `Calibri` ne, ko 10 zuwa 10,5 idan `Arial` ne, domin `Arial` ya fi shi girma ko da lambarsu ɗaya ce. `Times New Roman` yana son 11,5 ko 12. Kanun sashe ya ɗara jiki da lamba ɗaya ko biyu, wato 12 ko 13, da kauri. Sunanka 18 zuwa 22. Girma uku ke nan a shafin, kada su wuce haka.

Ƙasa da 10 wahalar da mai karatu ne, kuma da yawa daga cikin masu zama a kwamitin ɗaukar aiki sun kai shekarun tabarau. Idan rubutu ya ƙi shiga, ba harafin ne ya yi girma ba, akwai inda wuri ke zubewa, duba misalin da aka warware a tambayar layukan da suka tsallaka shafi na biyu. Wani ɗan abu: a Word na Faransanci waƙafi ake sa wa rabin lamba, `10,5`, idan ka sa ɗigo yana iya ƙin karɓa.

Santimita nawa zan bari a gefe?

Santimita 2 a kowane ɓangare ya dace da yawancin CV. Word yana farawa da kusan 2,5 a zaɓin `Normales`, wannan ma daidai ne ga wanda bai da rubutu da yawa, kamar wanda ya gama makaranta kwanan nan. Ana canzawa a `Mise en page`, sai `Marges`, sai `Marges personnalisées`. Iyakar da ba na son a wuce ita ce 1,5. Zaɓin `Étroites` yana sauke gefen zuwa 1,27, kuma nan ne ake samun matsala: firinta ba ta buga 'yan milimitocin bakin takarda, mai fotokofi yana iya ɗora takardar a karkace, sannan idan aka haɗa ta da sauran takardun neman aiki aka manne, ko aka huda ta don sa wa a fayil, farkon layuka ne ke shiga ciki.

Gefe mai faɗi yana da wani amfanin. A kan takardar A4, idan ka cire santimita 2 hagu da dama, saura 17, kuma layi mai wannan tsawo da `Calibri` 11 yana ɗaukar kusan haruffa ɗari. Ya riga ya yi wa ido tsawo. Ƙara matse gefen yana ƙara tsawon layin ne, ido ya riƙa ɓata wurin dawowa layi na gaba.

Na buga CV ɗina, sai ƙasan takardar ya zama fili, gefe kuma ya matse. Me ya faru?

Kusan kullum girman takarda ne. Takardar da ake sayarwa a Kamaru da Chadi A4 ce, faɗi santimita 21, tsawo 29,7. Samfuran da aka sauko da su daga shafukan Amurka, da wasu Word na Turanci, suna kan `Letter`, wadda ta fi faɗi kaɗan, kusan 21,6, ta kuma fi gajarta, kusan 27,9. Firinta sai ta rage shafin don ya shiga, ko ta yanke gefe. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, shiga `Mise en page`, `Taille`, ka zaɓi `A4`. Wanda ya koma A4 daga `Letter` ya samu kusan santimita biyu na tsawo a kyauta.

Ta yaya ake barin sarari tsakanin sassa? Ni dai `Entrée` nake dannawa sau biyu.

Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi ɓata CV. Duk danna `Entrée` a kan fili layi ne cikakke ka ƙirƙira, mai tsawon layin rubutu har da tazarar da Word ke ƙarawa a bayansa. Ba ka da iko a kan girmansa, kuma da wuya a tarar sararin ya zo daidai a ko'ina: nan biyu, can uku, wani wuri ɗaya. Danna alamar ¶ da ke `Accueil`, duk layukan banza za su bayyana, ka goge su.

Hanyar da ta dace ita ce `Paragraphe`, a ƙarƙashin `Espacement`. Ga kanun sashe, sa `Avant` 12 pt, `Après` 4 pt; pt shi ne ma'aunin da Word ke auna tazara da shi. Ga layin da ke buɗe kowane aiki, `Avant` 6 pt. Ga layukan ɗigo da ke ƙarƙashinsa, `Après` 2 ko 3 pt. `Interligne` kuma a bar shi `Simple`, ko `Multiple` 1,1 in akwai wuri.

Dalilin waɗannan lambobi shi ne ido yana ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin abu ɗaya. Don haka sararin da ke saman kanu dole ya fi na ƙasansa, aƙalla ninki biyu, domin kanun ya manne da abin da yake gabatarwa. Idan sama da ƙasa suka zo ɗaya, sai kanun ya tsaya a tsakiya kamar rumfar da ba a san ta wane layin kasuwa ba ce. Haka tazarar da ke tsakanin ayyuka biyu ta fi ta tsakanin ɗigogin aiki ɗaya, ta kuma gaza ta tsakanin sassa.

Malam, layi takwas ne suka tsallaka shafi na biyu. Me zan fara taɓawa?

Bari mu ɗauki misali. Matashi ya gama Jami'ar Marwa, ya yi aikin kula da sito na shekara biyu, yana neman aiki irinsa a Kusiri. Ya rubuta da `Calibri` 11, gefe 2,5, bai taɓa tsarin da Word ya zo da shi ba, wato tazarar layi 1,08 da 8 pt a bayan kowane sakin layi. Sassansa biyar: `Profil`, `Expérience professionnelle`, `Formation`, `Compétences`, `Langues`. Kafin kowane kanu ya bar layin banza biyu da `Entrée`. Abin da ya tsallaka ya kai kusan santimita biyar.

A lissafa. Santimita ɗaya kusan 28 pt ne. Layi ɗaya a wannan tsari kusan 14,5 pt ne, da ƙarin 8, kowane layin banza ya ci sama da 22 pt. Goma ne da shi, wato kusan santimita takwas na shafin ba komai a ciki. Da aka goge su aka sa `Avant` 12 pt a kanun biyar, an mayar da 60 pt kawai, ribar ta kusa santimita shida. Da wannan kaɗai takardar ta koma shafi ɗaya. Sannan aka rage `Après` daga 8 zuwa 3 a sauran sakin layi 24, aka ƙara samun wajen santimita huɗu. Ba a taɓa girman harafi ba, ba a taɓa gefe ba, kuma har wuri ya ragu da aka ƙara layi biyu kan yawan kayan da yake lura da su da manhajar da yake rubuta shige da ficensu, abin da ya fi komai amfani ga mai ɗaukar ma'aikacin sito.

Idan an yi wannan bai isa ba, sai a nemi layukan da kalma ɗaya ko biyu kawai suka sauko ƙasa, a gajarta jimlar su hau. Bayan haka a duba saman shafin, kamar yadda tambaya ta gaba ta nuna. Sai gefe daga 2,5 zuwa 2, wanda ke ba da layi biyu a tsaye, ya kuma faɗaɗa kowane layi. Rage harafi da rabin lamba shi ne na ƙarshe. In har duk an yi bai shiga ba, rubutun ne ya yi yawa, a cire makarantar firamare da horon kwana biyu da ba su shafi aikin ba.

Me ya kamata ya kasance a saman shafin?

Sunanka, sunan aikin da kake yi ko kake nema a ƙarƙashinsa, sai layi ɗaya mai ɗauke da waya, imel da gari. Tsohon tsarin da shaguna da yawa ke kwafa har yau yana farawa da `CURRICULUM VITAE` da manyan haruffa a cikin akwati, sai `État civil` mai layi bakwai: suna, sunan mahaifi, ranar haihuwa, wurin haihuwa, ƙasa, aure, yawan 'ya'ya. Kashi ɗaya cikin huɗu na shafin ya tafi, wurin da ido ke fara sauka, ba a faɗi ko abu ɗaya game da aikin da mutum ya iya ba. Mai karɓa ya san CV ce a hannunsa. Idan sanarwar ta nemi ranar haihuwa ko ƙasa, su shiga layi ɗaya ƙarƙashin na waya.

A rubuta suna yadda yake a katin shaida da takardun makaranta. Mai son sa haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ, a wani wuri cikin takardar, ya duba da kyau bayan ya mayar da ita PDF, domin salon da ba shi da su yakan aro su daga wani, su fito daban da sauran, ko su zama ɗan akwati. In sanarwa ta ce `CV daté et signé`, a tanadi wajen santimita biyu a ƙasa don kwanan wata da sa hannu tun kafin a fara cika shafin.

In sa hoto ko kada in sa?

A bi sanarwar. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an saba da hoto a CV, wasu ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa kuma ba sa buƙata. In za a sa, ƙarami, kamar santimita 3 a faɗi da 4 a tsaye, a kusurwar dama ta sama, bango mai haske. Hoto mai duhun bango idan ya bi ta fotokofi baƙin tabo yake zama.

Yaya zan jera kwanakin aiki a dama su tsaya a layi ɗaya?

Ba da maɓallin tazara ba. Haruffa ba faɗinsu ɗaya ba, don haka duk yadda ka ƙirga dannawa ba za su daidaita ba, kuma da zarar an buɗe a wata kwamfuta sai su watse. Zaɓi layukan, shiga `Paragraphe`, `Tabulations`, rubuta `17 cm` idan gefenka 2 ne, ko `16 cm` idan 2,5 ne, zaɓi `Droite`, danna `Définir`. Daga nan ka rubuta sunan aiki, ka danna `Tab` sau ɗaya, ka rubuta kwanan, zai je ya jingina da gefen dama.

Salon kwanan ma ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. In ka fara da `03/2021 – 06/2023`, kada na gaba ya zama `Mars 2019 à fin 2020`. Mai dubawa yana gangarowa ne da ido ta wannan gefen yana haɗa shekaru.

Kauri, ja layi, manyan haruffa, launi: nawa ya isa?

Kauri na abu uku ne: suna, kanun sashe, sunan aiki ko na digiri. Idan aka kaurara kalmomi a tsakiyar jimloli nan da can, idon ya rasa inda zai sauka. Ja layi a ƙarƙashin kalma a bar shi, yana yanke wutsiyar g, p da j. Manyan haruffa zalla sun dace da gajeren kanu kawai, kuma a Faransanci a bar musu alamominsu, `EXPÉRIENCE`, kada a rubuta `EXPERIENCE`. Siririn layi a ƙarƙashin kanun sashe yana taimakawa, amma a sa shi ta `Bordures`, `Bordure inférieure`, ba ta jera alamar `_` ba.

Launi ɗaya mai duhu, kamar shuɗi mai duhu, a suna da kanu, ya isa. Rubutu mai ruwan toka, da farin rubutu a kan faffaɗan baƙi ko shuɗi, su ne abokan gabar fotokofi: na farko ya dushe, na biyu ya cika da dabbare-dabbaren tawada. Rubutun kuma a jingina shi hagu. `Justifier` yana miƙe layi har gefe biyu ta hanyar buɗe tazara tsakanin kalmomi, kuma da dogayen kalmomin Faransanci sai ramuka su bayyana a tsakiyar layi.

Samfuran manhajar zane ta Canva masu rabe shafi biyu fa? Sun fi kyau a ido.

Suna da kyau a allo, amma a san abin da ake saya. Ɓangaren hagu mai launi yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin shafi don ɗaukar waya, imel da harsuna, abin da layi uku za su ɗauka, sai a matse tarihin aiki a sauran da ƙaramin harafi. Ɗigogi ko taurarin da ke nuna wai Faransanci huɗu cikin biyar ba sa gaya wa kowa komai. Rubuta shi da kalmomi: wanda kake karantawa da rubutawa, wanda kake ji kawai. A yankinmu Fulatanci, Larabcin Shuwa, Kanuri da Hausa kan zama dalilin ɗaukar mutum aikin fita ƙauyuka, sun cancanci layi bayyananne.

Sannan manyan ƙungiyoyi da kamfanoni da ake nema ta shafinsu na intanet sukan bi da takardu ta manhajar da ke tsamo rubutu. Shafi mai rabe biyu, akwatunan rubutu, da bayanan da aka sa a `En-tête` suna iya rikice mata, ta haɗa layin hagu da na dama, ko ta tsallake lambar waya. Gwaji mai sauƙi: buɗe PDF ɗin, zaɓi duka, kwafa, liƙa a `Bloc-notes`. In ya fito a jere yadda ake karantawa, da alama lafiya. In ya cakuɗe, koma shafi mai zubi ɗaya.

A kwamfutata shafi ɗaya ce, a shagon bugawa ta zama biyu. Laifin wa?

Ba na kowa ba, fayil ɗin Word ba ya tafiya da haruffansa sai an umarce shi. In kwamfutar shagon ba ta da salon da ka zaɓa, sai ta sa wani a madadinsa, faɗin kalmomi ya canza, layuka su sauko. Haka yake faruwa idan an rubuta a waya da manhajar WPS aka buɗe a Word. Maganin shi ne `Enregistrer sous`, ka zaɓi `PDF`, ka buɗe shi ka tabbatar shafi ɗaya ne, shi za ka kai shago, shi za ka tura. Ka riƙe na Word don gyara. A wurin bugawa ka ce a zaɓi `Taille réelle`, kada a bar shi a `Ajuster`, wanda kan ɗan rage shafin.

Mai aiki da LibreOffice maimakon Word yana da `Carlito`, wanda faɗin haruffansa ɗaya ne da `Calibri`, da `Liberation Sans` mai daidai da `Arial`, don haka tsari ba ya motsi tsakaninsu. Ko da wane ka yi aiki, kada ka cika shafin har layin ƙarshe, bar sararin layi biyu a ƙasa.

Kada kuma a buga takarda a ɗauke ta hoto da waya a tura. Hoton yana da nauyi, ga inuwa, kuma ba a iya kwafar lambar waya daga ciki. In dole sai da sa hannu, a sa a yi mata sikan a miƙe. Sunan fayil ya ɗauki sunanka, kamar `CV_Suna_Magasinier.pdf`, ba `Document1.pdf` ba.

Ta yaya zan gane ta yi kafin in tura?

Buga ta baƙi da fari, ka yi wa bugun fotokofi, ka duba kwafin, ba na asalin ba. Duk abin da ya dushe ko ya cushe a nan, gyara shi. Sannan tura wa kanka PDF ɗin a waya ka buɗe ba tare da ka faɗaɗa ba: suna da kanun sassa su karantu a haka, ko da sauran sai an matso. Na ƙarshe, miƙa wa wanda bai san tarihin aikinka ba, ka ƙirga goma, ka karɓe, ka tambaye shi wane aiki ka yi na ƙarshe, a wane gari, shekara nawa. In ya kasa amsa ɗaya, je wurin da amsar take a shafin ka duba ko kauri ne babu, ko sararin da ke samanta ne ya yi kaɗan, ko kuwa wani abu marar amfani ne ya rigaye ta a sama.